Kiran waya ya hana ni ɗinki, kuma amsoshin da na rubuta ba su rage shi ba

*Assalamu alaikum Anti. Ina ɗinka labulaye bisa awon da mai saye ya turo, kuma kusan duk cinikina ta waya ne, ban taɓa ganin yawancin masu sayen ba. Kira ne ya dame ni. Daga safe har dare abu ɗaya ake maimaita mini: yaya zan auna, yaushe zai iso, idan bai yi ba fa? Na zauna na rubuta tambayoyi da amsoshi guda 25 na saka inda kowa zai gani, amma kiran bai ragu ba. Har wata ta ce da ta karanta sai ta ƙara jin tsoron turo kuɗi. Na haɗo miki da abin da na rubuta. Ina na kuskure?*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta abin da kika haɗo tun daga farko har ƙarshe, kuma na fahimci matar da ta ce ta tsorata. Amsoshinki suna da ladabi, rubutun ma a tsare yake, sai dai kusan babu inda kika ɗaure kanki da wani abu. A kan lokaci kin ce "cikin ɗan ƙanƙanin lokaci". A kan kuɗin kai kaya kin ce "ya danganta". A kan mayar da kaya kin ce "a tuntuɓe mu". Duk wanda ya karanta waɗannan ukun bai ƙaru da komai ba, kuma ta ukun ma ke da kanki kika ce ya kira. Mai shirin tura kuɗi ga wadda bai taɓa gani ba yana karatu ne yana neman inda za ki zille masa idan abu ya ɓaci, kuma kowace "ya danganta" ƙofar zillewa ce a idonsa, ko da ke ba haka kike nufi ba.

Amma kafin ki taɓa rubutun, ki ajiye shi gefe na mako biyu. Tambayoyinki na farko su ne "Su waye mu?" da "Me ya sa labulayenmu suka fi na kowa?", kuma ina da yaƙinin ba wanda ya taɓa kiran ki ya tambayi haka. Tambayoyin da kike so a yi miki kika rubuta. Ki samo ƙaramin littafi ki ajiye kusa da keken ɗinki. Duk kiran da ya shigo, duk saƙon da aka turo, ki rubuta abu uku: tambayar da kalmomin da mutumin ya faɗe ta, ko ya riga ya biya ko bai biya ba, da abin da kika ce masa. Idan an maimaita tambaya, ki ja sanda a gabanta. Yarinyar da ke taya ki ɗaukar waya, idan akwai, ita ma ta riƙa rubutawa a littafin. Kada ki dogara da abin da kike tunawa, domin kiran da ya ɓata miki rai shi ya fi zama a zuciya, alhali wanda ya fi cin lokacinki sau da yawa ƙarami ne da kike amsawa hannunki na kan yadi.

Kalmomin mai tambaya suna da muhimmanci. Ke kin rubuta "Ƙa'idojin awo". Ita kuwa cewa take yi, "Tagar zan auna ko ƙarfen?" Idan tana duba rubutunki a waya, idonta kalmomin bakinta yake nema. Ta ga "Tagar zan auna ko ƙarfen?" ta tsaya, ta ga "Ƙa'idojin awo" ta wuce.

Bayan mako biyu za ki ga sandunan sun taru a gaban tambayoyi kaɗan, wataƙila bakwai ko takwas, sauran kuma ɗai-ɗai. Waɗanda suka tara sanda su ne za su shiga rubutun, a jere bisa yawan sandunan. Tambayar da mutum ɗaya ya yi sau ɗaya ki bar ta, ki amsa ta a waya idan ta sake zuwa. Guda 25 sun yi yawa ga mai karatu a fuskar waya, kuma mafi amfani a cikinsu, ta awo, kin binne ta a lamba 17.

Daga cikin masu sanda da yawa ma, akwai waɗanda wurinsu ba nan ba ne. Idan ana yawan tambayar "Wannan yana tare haske?" ko "Ɗaya ne ko biyu ne a kuɗin?", to bayanin da ke ƙarƙashin hoton kayan ne ya gaza. Ki gyara can: kowane hoto ya zo da irin yadin, ko yana tare haske gaba ɗaya ko yana rage shi ne kawai, da ko kuɗin na falle ɗaya ne ko na biyu. Mutum ba zai bar hoton da yake kallo ya tafi neman amsa a wani wuri ba, lambar waya ta fi masa kusa.

Yanzu mu ɗauki ta awo mu yi ta tare, don ita ce mai jawo asara idan aka kuskure. Abin da kika rubuta shi ne, "A auna da kyau a turo mana faɗi da tsawo." Faɗin me? Daga ina zuwa ina? Ke kin san labule ba ya yin kyau sai yadin ya fi ƙarfen faɗi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don ya samu tattara. Wasu masu sayen ma sun san haka, kuma nan hatsarin yake. Wata ta auna ƙarfenta ta samu santimita 200, ta tuna an taɓa ce mata ana ninkawa, ta turo miki 400. Ke kuma ki ɗauka faɗin ƙarfe ne ki sake ninkawa, ki yanka yadin 800 don ƙarfen 200. Wata kuma gilashin tagar kawai ta auna, alhali ƙarfen ya zarce tagar ta kowane gefe, sai labulen ya zo bai rufe ba. Dukansu biyu sun "auna da kyau". Ga yadda zan rubuta amsar da ni ce:

"Tagar zan auna ko ƙarfen? Ƙarfen labulen za ki auna, ba tagar ba. Lambobi biyu muke buƙata, a santimita. Na farko faɗi: daga wannan ƙarshen ƙarfen zuwa wancan, ban da adon da ke bakinsa. Na biyu tsawo: daga saman ƙarfen zuwa inda kike so labulen ya tsaya. Kada ki ƙara komai don tattara ko kalmasa, mu za mu ƙara. Misali, idan ƙarfenki 200 ne, ki turo 200, mu za mu yanka 400. Ki yi amfani da tef ɗin ƙarfe, ki turo mana hoton tef ɗin a jikin ƙarfen. Idan ba a kafa ƙarfe ba tukuna, ki faɗa mana kafin ki auna."

Ki lura jimlar farko ita ce amsar. Wadda ta karanta ta kaɗai ta tafi, ta tafi da abin da ya fi muhimmanci. Ki lura kuma an faɗi ma'auni. Tef da yawa inci ne a fuska ɗaya, santimita a ɗayar, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka wadda ta turo "90" ba tare da ta ce na me ba tana iya nufin labulen da bai kai mita ɗaya ba, tana kuma iya nufin wanda ya haura mita biyu. Hoton tef ɗin shi ke kashe wannan gardamar tun kafin almakashi ya taɓa yadi. Da za ki ƙara ɗan bidiyo na rabin minti, hannunki riƙe da tef a jikin ƙarfe, zai fi kowane rubutu aiki ga wadda karatu ke yi wa nauyi.

Sai batun lokaci, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Na san dalilin da ya sa kika ƙi saka lamba. Kina tsoron ki ce kwana biyar, wuta ta ɗauke ko yadi ya yanke, ki zama maƙaryaciya. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa shi ne ki samo lambar daga aikinki na baya. Ki duba oda 20 na ƙarshe da kika gama, ki ƙirga kwanakin da kowace ta ɗauka daga biyan kuɗi zuwa miƙa wa masu kai kaya. A ce 12 sun gamu a kwana 5, shida a kwana 7, biyu kuma sun kai kwana 10. Idan kika rubuta 5, mutum takwas cikin ashirin za su kira ki da ɓacin rai. Idan kika rubuta 7, kin cika alkawari ga 18, kuma 12 daga cikinsu kayansu ya riga lokaci. Sauran biyun ke za ki kira su tun a rana ta biyar ko ta shida ki ce ga abin da ya faru, ga sabuwar rana. Mai saye yana haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi tun da wuri, wanda ya gano da kansa ne yake riƙewa a zuciya.

Lambar kaɗai ba ta isa ba, sai an faɗi daga yaushe ake fara ƙirga. Ita tana ƙirgawa daga ranar da ta fara yi miki magana, ke kina ƙirgawa daga ranar da kuɗi suka shigo, kuma tsakanin ranakun nan biyu ana iya samun kwana huɗu. Haka "kwanakin aiki", ba kowa ya san ranakun da kike aiki ba. Ki rubuta shi kamar haka:

"Yaushe zan samu kayana? Ɗinki yana ɗaukar kwanakin aiki 7. Muna fara ƙirgawa washegarin ranar da abu biyu suka cika: kafin alƙalami ya shigo, kuma mun tabbatar da awonki. Muna aiki Litinin zuwa Asabar. Misali, idan kin biya ranar Litinin, muna miƙa kayan ga masu kaiwa ranar Talata ta mako mai zuwa ko kafin nan. Kwanakin hanya daban ne, kuma za mu faɗa miki su kafin ki biya, bisa inda kike. Za ki ji daga gare mu sau uku ba tare da kin kira ba: ranar da muka ga kuɗinki, ranar da aka gama ɗinki tare da hotonsa, da ranar da aka ɗauki kayan tare da lambar bibiya ko lambar wanda ya ɗauka."

Ki gyara ranakun su dace da naki. Jimlar ƙarshen nan ita ce za ta fi rage miki kira, kuma ita ce ta fi wahalar cikawa. Idan kika duba littafinki za ki ga kiran da ke zuwa bayan an biya kuɗi kusan duk iri ɗaya ne: "Kin ga kuɗin?", "An fara?", "Ya taso?" Babu rubutun da zai amsa waɗannan, domin amsarsu tana canzawa kullum kuma ta kowa daban ce. Abin da rubutu zai iya yi shi ne ya faɗa mata ranar da za ta ji daga gare ki, sai ta samu dalilin jira. Amma idan kika rubuta haka kuma saƙonnin ukun ba su zo ba, gara ma ba ki rubuta ba. Ki ware wani lokaci ɗaya kullum, kamar kafin ki rufe aiki, ki bi ododin ɗaya bayan ɗaya ki tura wa duk wadda nata ya motsa. Minti goma ne, kuma sun fi kira goma sauƙi.

"Ya danganta" ɗin kuɗin kai kaya ma ana iya kwance shi. Gaskiya ne ya danganta, to ki faɗi da me: da nisa da nauyi. Ki raba wuraren da kike turawa kashi uku, kusa da matsakaici da nesa, ki saka kuɗin kowanne da kwanakin hanyarsa na falle biyu, ki ce abin da ya fi haka za a faɗa kafin a biya. Ko da iyaka kika bayar, daga kaza zuwa kaza, mai karatu ya samu abin da zai yi lissafi da shi.

Yanzu ga wadda kika fi gudu, wato "Idan bai yi ba fa?" Ina zargin ba ki rubuta amsarta ba ne saboda ke ma ba ki yanke ta ba. Kowace matsala kina warware ta ne bisa yadda mai sayen ta ɗaga murya da yadda ranki yake a ranar. Wannan yana gajiyar da ke, kuma yana cutar da masu kawaici, domin su ne ke haƙura da abin da masu faɗa ke karɓa. Ki zauna ki yanke hukunci sau ɗaya, ki raba shi bisa wanda kuskuren ya fito daga gare shi. Idan ɗinkin bai yi daidai da awon da ta turo ba, ko yadin ba wanda ta zaɓa ba ne, ko akwai aibi, naki ne: ki gyara ko ki sake, kuɗin hanya zuwa da dawowa a kanki, idan kuma ba zai gyaru ba ki mayar da kuɗi. Idan awon da ta turo ne ba daidai ba, kaya ne da aka yanka don tagarta, ba za ki iya sayar wa wata ba, don haka ba a mayar da kuɗi, amma ki faɗi abin da za ki iya yi: rage tsawo ko faɗi a kan kuɗin aiki kawai, ƙari kuwa sai da sabon yadi. Idan a hanya ya lalace, ta ɗauki hoton kunshin kafin ta buɗe da bayan ta buɗe, ke ki bi masu kai kayan, don ke kika ɗauke su aiki. Ki saka wa'adin kawo ƙorafi a lamba, ki ce daga ranar da kaya ya shiga hannunta ake ƙirgawa. Kafin ki kafe wannan, ki bincika dokar kare masu saye ta ƙasarki, kada ki rubuta abin da ya gaza haƙƙin da doka ta ba su, musamman a kan kaya mai aibi.

Za ki ce, ai idan na rubuta "ba a mayar da kuɗi" zan kori mutane. Ni ina ganin akasin haka ne. Wadda ta karanta ta ga kin ware inda laifi naki ne kin ɗauka, kin ware inda nata ne kin faɗa ba kwana-kwana, ta san ta haɗu da mai sana'ar da ta taɓa ganin matsala kuma ta san yadda ake fita daga cikinta. Kuma za ta koma ta sake auna ƙarfenta, wanda shi ne abin da kike so. Wadda wannan sharaɗin zai kora, da ta saya ma da rigima za ku ƙare.

Haka batun kala. Kada ki rubuta cewa abin da aka gani a hoto shi za a samu, don ba ki da iko da wannan. Fuskar kowace waya tana nuna launi daban, hasken da aka ɗauki hoton a ciki yana canza shi, kuma ko yadi iri ɗaya ne, bandir ɗin da aka rina daga baya yana iya ɗan bambanta da na farko. Ki faɗi haka, sannan ki ba da mafita: hoto na biyu a hasken rana kusa da farar takarda ga duk mai so, ko a tura ƙyallen yadin ga mai babbar oda kafin a yanka. Idan kina ɗinki da auduga zalla, ki faɗa cewa tana tsukewa a wankin farko, ki kuma faɗi ko kina wanke yadin kafin yanka ko kina barin rara a kalmasa.

Akwai wani kira da za ki gani a littafin wanda tambayar cikinsa ba ta da nauyi. Mutum ya kira ya tambayi abin da ke rubuce ƙarara a gabansa, ki amsa, ya ce to, ya turo kuɗi. Muryarki yake son ji, ya tabbatar akwai mutum a bayan hotunan. Wannan ba zai ƙare gaba ɗaya ba, kuma bai kamata ki so ya ƙare ba, ciniki ne. Amma za ki iya rage shi da amsa ɗaya da babu ita a cikin 25 ɗinki: "Ta yaya zan tabbata kuɗina ba za su salwanta ba?" Mutane suna jin nauyin tambayar ki wannan kai tsaye, shi ya sa suke zagayawa. Ki rubuta ta da kanki. Ki faɗi sunan da ke kan asusun da ake biya, ki ce shi kaɗai ne, kuma duk wanda ya turo wani asusu da sunanki a kira lambarki a tabbatar kafin a biya. Masu damfara suna kwafe hotunan masu sana'a su buɗe nasu wurin, don haka wannan layin yana kare ki kamar yadda yake kare su. Ki faɗi nawa ne kafin alƙalami, rabi ko abin da kika saba, da lokacin ciko: bayan ta ga hoton kayan a ɗinke, kafin a tura. Ki ce kina ba da rasit mai ɗauke da awo da yadi da ranar gamawa. Idan kina da rajistar kasuwanci ko wurin da za a iya zuwa a same ki, ki ambata. Kalmomi irin su "amintattu" da "ba ma cin amana" ki cire su duka, don macuci ma su yake rubutawa. Abin da mai saye zai iya dubawa ya tabbatar da kansa, shi ke kwantar da hankali.

Idan kin gama, bai kamata tambayoyin su wuce takwas zuwa goma ba, kowace amsa layi uku zuwa shida a waya, in ban da ta awo da ta mayar da kaya da suka cancanci tsawo. Ki ba wa wadda ba ta san ɗinki ba ta karanta a wayarta, kada ki yi mata bayani, sannan ki tambaye ta: idan kin biya yau, yaushe za a turo miki? Idan awonki ya kuskure, me zai faru? Duk inda ta yi jim ko ta ba da amsar da ba ita ba, rubutun ne ke da gyara.

Rubutu mai kyau da ba a gani ba kuwa bai rage kira ko ɗaya ba. Amsa tana aiki ne idan ta iske mutum a daidai lokacin da tambayar ta taso masa. Ta awo ta tafi tare da saƙon da kike neman awo. Ta lokaci da ta mayar da kaya su tafi tare da lambar asusu, kafin a biya, ta yadda ba wadda za ta ce ba ta sani ba. Ta wanki ki buga ta a ƙaramar takarda ki saka cikin kunshin. Idan kina amfani da WhatsApp Business, akwai wurin da ake kira Quick replies, inda za ki adana kowace amsa da gajeren suna, kamar `/awo` ko `/lokaci`. Da kin danna `/` a cikin hira za su fito ki zaɓa, ba sai kin sake rubutawa ba. Akwai kuma Greeting message mai tarbar wanda ya fara yi miki magana, da Away message na lokacin da ba kya kusa. A cikin Away message ɗin ki rubuta sa'o'in da kike ɗaukar waya da lokacin da kike amsa saƙo, don mai jira ya san iyakar jiransa.

Idan kuma an kira duk da haka, ina roƙon ki kada ki ce "ai yana rubuce, je ki karanta". Ki amsa cikin sakin fuska, sannan ki ce, "Bari in turo miki a rubuce don ki riƙe." Ta samu amsarta, ta kuma san inda za ta duba gobe. Kuma abin da bakinki zai faɗa ya zama shi ne abin da ke rubuce. Idan rubutu ya ce kwana 7, ke kuma a waya kika ce "zan yi miki a uku" don ki faranta mata, kin koya mata cewa kira ya fi karatu riba, kuma za ta faɗa wa ƙawarta. Idan kina karɓar aikin gaggawa, ki mai da shi tambaya mai zaman kanta da kwanakinsa da ƙarin kuɗinsa, kowa ya gani.

Bayan wata ɗaya ki sake ɗauko littafin ki yi wani mako biyun. Kada ki kwatanta yawan kira kawai, ki raba shi da yawan oda. Kira 90 a kan oda 30 uku-uku ke nan, kira 80 a kan oda 40 kuwa bibbiyu ne, kuma wannan ci gaba ne babba ko da kunnenki bai ji bambanci ba. Idan wata tambaya ta ƙi raguwa, ki tambayi masu kiran a hankali ko sun ga amsar. Wadda ta ce ba ta gani ba, wurin da kika saka ne bai yi ba. Wadda ta ce ta gani amma ta sake tambaya da wasu kalmomi, amsar ce ba ta taɓa abin da ke damun ta ba, sai ki rubuta sabbin kalmomin nata ki gyara da su. Wadda ta ce ta gani, tana so ne ta tabbatar, to ba ta yarda ba ne, kuma a nan sai ki duba ko kina cika abin da kika rubuta. Idan kuwa kira ya ragu oda ma ta ragu tare da shi, ki sake karanta amsoshin da babbar murya, wataƙila wani wuri ya fito da kaushi kamar gargaɗi, musamman na mayar da kaya. A irin wannan ki fara da abin da za ki yi wa mai saye, abin da ba za ki yi ba ya biyo baya.

Ki saka ranar da kika yi gyaran ƙarshe a saman rubutun. Duk ranar da kuɗin kai kaya ya canza, ko aiki ya yi miki yawa har kwana 7 suka koma 10, ki gyara shi a ranar, tare da amsoshin da kika adana a waya, kuma ki tabbatar mai taya ki ta san da canjin kafin ta ɗauki kira na gaba. Wadda ta riga ta biya kuwa, a kan sharaɗin da ta karanta ranar da ta biya za ki sallame ta. Allah ya sa albarka a sana'ar.